Ɗan Wasan Da Ya Ƙi Gudu: Yadda Aka Sa Motsi a Hoton Fostar Gasa

Kwamitin wata gasar ƙwallon unguwanni a Kano ya ba wani ƙaramin shagon zane aikin fosta. Abu biyu suke so: babbar fosta mai faɗin ƙafa goma da tsayin ƙafa biyar da za a ɗaura a bakin fili, da kuma ƙaramin hoto na tsaye da za a riƙa yaɗawa a waya. Sharaɗinsu ɗaya ne, a ga ɗan wasan gefe ya falfala da gudu da ƙwallo a gabansa, a filin ƙasa irin wanda yaran suke bugawa, ba filin ciyawa na Turai ba. Hotunan da suke da su na gasar bara duk na waya ne, an ɗauke su daga nesa, ba wanda zai jure a faɗaɗa shi zuwa ƙafa goma. Don haka yaron da ke zane a shagon ya koma ga manhajar ƙirƙirar hoto, irin wadda ake rubuta wa umarni da Turanci ta fitar da hoto. Ni sana'ata ɗaukar hoton wasanni ce, shagon kuma na abokina ne, shi ya sa aka kira ni lokacin da aikin ya cije.

Ga umarnin da yaron ya fara da shi:

```
a footballer running very fast with the ball,
green jersey, dirt pitch, high quality, 4k, sharp
```

Hoton da ya fito ba shi da aibi ta fuskar kyau. Fuska fes, jesi kore shar, launi ya zauna. Amma ɗan wasan yana tsaye cak kamar gunkin da ake rataya wa shadda a Kantin Kwari, an ɗan ɗaga masa ƙafa ɗaya. Shugaban kwamitin, dattijo ne da ya buga ƙwallo a zamaninsa, ya duba ya ce: "Yaro, wannan ai hoto ya tsaya a ɗauke shi. Ina gudun?" Yaron ya ce: "Wallahi Baba na rubuta mata yana gudu sosai." Dukansu gaskiya suka faɗa.

Matsalar ita ce gudu abu ne na lokaci, hoto kuma ba shi da lokaci. Idan ka ce wa manhaja mutum yana gudu sosai, ka ba ta labari ne, ba ka ba ta abin da za ta zana ba. Ido ba ya ganin sauri a hoton da ba ya motsi, alamomi yake gani ya yanke hukunci. A hoton yaron duk alamomin tsayuwa ne suka taru: gangar jiki a miƙe sambal, ƙafar da ke ƙasa ta taka da dukan tafinta, jesi ya kwanta luf a jiki, inuwa manne da takalmi, ƙwallo a ajiye gefen ƙafa, ƙasa kuma ko ƙura ba ta tashi ba. Kuma ɗan wasan yana fuskantar mai kallo kai tsaye, wanda shi ne kusurwar da ta fi kowace ɓoye sauri.

Abin da kyamara ke yi, da dalilin da ya sa ya shafi umarni

Waɗannan manhajoji sun koyi zane ne daga miliyoyin hotuna da bayanan da ke tare da su, kuma hotunan wasanni da suka gani masu ɗaukar hoto ne suka ɗauke su. Saboda haka duk hanyar da manhaja ta sani ta nuna gudu, daga kyamara ta samo ta. Kyamara kuwa hanya biyu take da su, kuma duka biyun sun rataya ne a kan tsawon lokacin da idonta yake buɗe kafin ya ƙifta.

Lissafin ba shi da wuya. Ɗan wasa mai sauri, idan ya sake, yana yin kusan kilomita 32 a awa, wato kamar mita 9 a daƙiƙa ɗaya. Idan idon kyamara ya buɗe na 1/1000 na daƙiƙa, jikinsa ya gusa milimita 9 ne kacal, abin da ba zai bayyana ba daga gefen fili. Komai zai fito tar, har ƙwayar yashi da ɗigon gumi. Wannan ita ce hanya ta farko, tsayar da motsi. Idan kuwa idon ya buɗe na 1/30, ɗan wasan ya gusa santimita 30 kafin ya rufe, kusan tsawon takalminsa. Duk abin da ya gusa a wannan lokacin zai fito a shafe, ya ja jela. Wannan ita ce hanya ta biyu. Hoto ɗaya ba zai zama an ɗauke shi a 1/1000 kuma a 1/30 ba, don haka wanda ya cusa kalmomin hanyoyin biyu a umarni ɗaya ya sa manhaja cikin ruɗu, sai ta ba shi abin da ba wannan ba wancan.

Amma kafin mu zaɓi hanya, na ce wa yaron mu gyara jikin ɗan wasan tukuna. A ganina wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi nauyi. Hoton da jikinsa bai yi gudu ba, ko an shafe bayansa da kyau, zai fito kamar an yanko mutum a tsaye an liƙa shi a kan hoton mota.

Abin da ya bambanta gudu da tafiya shi ne akwai lokacin da ƙafafu biyun duk ba sa ƙasa. Mai tafiya kullum ƙafarsa ɗaya tana taɓa ƙasa, mai gudu kuwa yana tashi sama a kowane taku. Irin wannan tambaya ce ta sa Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a Palo Alto a 1878 ya ɗauki doki yana sukuwa, hotunan suka nuna akwai lokacin da kofatai huɗun duk suna sama. Wannan ɗan lokacin na tashi shi ya kamata a nema a umarni, a kuma faɗe shi da sassan jiki: gwiwar gaba a ɗage, ƙafar baya a miƙe tana barin ƙasa, ƙirji ya rusuna gaba, gwiwar hannu a lanƙwashe. Akwai kuma ƙa'idar da ba ta canzawa, hannu da ƙafa saɓani suke yi. Idan gwiwar hagu ce a gaba, to hannun dama ne a gaba. Manhaja takan kuskure wannan, ta tura hannu da ƙafar ɓangare ɗaya tare, kuma mai kallo zai ji wani abu bai yi daidai ba ko da bai iya faɗin mene ne ba.

Gwajin tsayar da motsi

Muka fara da hanya ta farko, domin ita ce ta fi sauƙin dubawa. Yaron ya sa lamba ɗaya a akwatin `Seed` ya bar ta, saboda duk canjin da muka gani ya zama daga kalmomi ya zo, ba daga sa'a ba. Da farko ya rubuta `frozen footballer` a kan gaba, sai hoton ya juya shuɗi-shuɗi, ƙurar ta koma kamar ƙanƙara. Kalmar tana nufin tsayar da motsi a bakin masu hoto, amma tana nufin daskarewa a bakin kowa, kuma hotunan sanyi da manhajar ta gani sun fi yawa. Maganinsa shi ne kada a bar ta ita kaɗai ko a jingina ta ga mutumin. A haɗa ta da aikin, a kuma raka ta da kalmomin kyamara. Ga abin da muka tsaya a kai:

```
side view sports photo, winger sprinting left to right,
mid-stride, both feet off the ground, torso leaning forward,
freeze-frame action, fast shutter speed,
dust and grit kicked up behind the boot, suspended in air,
jersey pulled back by wind, ball rolling a metre ahead,
low late-afternoon sun behind the player
```

Layin farko ya sa a gan shi daga gefe yana ratsa hoton daga hagu zuwa dama. Na biyu shi ne jikin da muka yi bayani. Na uku ya zaɓi hanyar kyamara. Sauran layukan su ne shaidu, kuma a hoton da aka tsayar da motsi, shaidu su ne komai. Tunda ba abin da ya shafe, dole a ga abubuwan da ba za su iya zama a inda suke ba sai da gudu: tsakuwa a rataye a iska, jesi ya kumbura ta baya, ƙwallo ta yi gaba da mita guda saboda an tura ta ana binta, inuwa a ƙasa ta rabu da takalmi. Ranar la'asar da muka sa ta bayan ɗan wasan ba don ado ba ce. Ƙura ba ta fitowa a hoto idan haske ya bugo ta daga gaba, sai ya ratso ta daga baya ko daga gefe take haskawa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto a filin ƙasa lokacin hunturu ya san wannan.

Yaron ya tambaye ni ko mu rubuta `1/1000s` kawai mu huta. Na ce masa ya iya ƙarawa, ba zai cutar ba, amma kada ya dogara da shi. Manhaja ba kyamara ba ce, ba ta lissafin milimita tara. Lambar tana ɗan karkata ta ne zuwa ga irin hotunan da aka saba rubuta wa wannan lamba, kuma tasirinta bai kai na kwatanta abin da ido zai gani ba. Kalmomi biyar da suka ce ƙura tana rataye a iska sun fi lambar aiki nesa ba kusa ba.

Wannan hoton ya yi gudu. Dattijon ya gyaɗa kai, amma ya ce yana so a ji iska, irin hoton da bayan ɗan wasa ke wucewa fuu. Wato hanya ta biyu yake nufi, kuma a nan ne aikin ya ci lokaci.

Shafewa: wa zai shafe, wa zai tsaya?

Yaron ya cire layi na uku ya sa `motion blur`. Ba abin da ya canza. Da na leƙa akwatin `Negative prompt`, inda ake rubuta abin da ba a so, sai na ga jerin da ya kwafo tun tuni yake amfani da shi a kowane aiki, kuma a cikinsa akwai `blurry` da `blur`. Yana neman shafewa a akwatin sama, yana hana ta a na ƙasa. Wannan abu ne da ya kamata a fara dubawa duk lokacin da shafewa ta ƙi fitowa. Haka kuma kalmomin `sharp` da `4k` da ake jefawa a ƙarshen kowane umarni suna jan hoton zuwa ga komai tar.

Da aka goge su, shafewa ta zo, amma ta zo ba kan gado. A wani hoton fuskar ce ta narke, fili kuma ya fito fes. A wani komai ya yi dishi-dishi kamar hannun mai ɗauka ya girgiza. Dalili shi ne umarnin ya ce a yi shafewa, bai ce a ina ba. A kyamara kuwa shafewa iri-iri ce. Idan ka kafa kyamara wuri ɗaya ɗan wasa ya gifta, shi ne zai shafe, fili ya fito tar. Idan kuwa ka juya kyamara kana binsa da daidai saurinsa, shi ne zai fito tar, fili da 'yan kallo su koma jirwaye a kwance. Dattijon na biyun yake so, kuma sunansa a umarni `panning shot`.

Sanannen misalin wannan shi ne hoton Usain Bolt a wasan kusa da na ƙarshe na tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Rio a 2016, wanda Cameron Spencer ya ɗauka a 1/40 yana bin sa da kyamara. Duk mai son ya rubuta umarnin irin wannan hoto ya zauna ya ƙare masa kallo. Fuskar Bolt da murmushinsa sun fito sarai, bayansa ya shafe, amma ƙafafunsa ma sun shafe. Wannan na ƙarshen shi ne abin da ake mantawa. Kyamara tana bin kai da ƙirji ne, su ne ke tafiya da sauri ɗaya. Ƙafar da ke lilo zuwa gaba tana yin kusan ninki biyu na saurin jiki, wadda ta taka ƙasa kuma a tsaye take na ɗan lokaci, jiki ya wuce ta. Duka biyun ba su dace da saurin kyamara ba, don haka dole su ja jela. Hoton da bayansa ya shafe ƙwarai amma takalma da yatsun hannu suka fito tar, ido yana gane na haɗi ne.

Sai muka raba wa kowane sashe matsayinsa:

```
panning shot, side view, slow shutter speed,
winger sprinting left to right, mid-stride,
face and torso in sharp focus,
motion blur on feet, hands and ball,
crowd and wall streaked into horizontal lines,
empty space in front of the runner
```

Kalmomi biyu a layi na biyar suna da muhimmanci. Idan ka rubuta `blurred background` kawai, abin da za ka samu shi ne laushin baya irin na hoton biki, inda fitilu ke zama ƙwallaye masu taushi. Wannan shafewar gilashin kyamara ce, ba ta da alƙibla, kuma ba ta nuna gudu ko kaɗan, mutum a zaune ma ana yi masa ita. Ta motsi tana da alƙibla, shi ya sa muka ce `streaked` muka kuma ce `horizontal`. Sannan dole a ba jirwayen abin da za su fito daga gare shi. Sararin sama ko farin bango ko an ja su ba za a ga komai ba. 'Yan kallo masu riguna kala-kala, katanga mai rubutu, babura da aka jera a gefen fili, su ne ke ba da layuka masu kyau. Mun kauce wa `speed lines`, domin wannan yana kawo zanen layuka irin na littafin barkwanci, sai fostar ta koma katun.

Layin ƙarshe ya nemi a bar fili a gaban ɗan wasan. Mai gudun da hancinsa ya kusa taɓa bakin hoto yana kama da wanda zai yi karo da bango. Muka sa shi a kashi ɗaya cikin uku na hagu, kashi biyun dama suka zama wurin da zai shiga, kuma a nan aka rubuta sunan gasar da ranakunta, a kan bayan da ya riga ya shafe, inda rubutu ke karantuwa da kyau.

Yana da kyau a san iyakar wannan hanya. Bin ɗan wasa da kyamara yana aiki ne kawai idan yana ratsa hoton daga gefe zuwa gefe. Wanda ke tahowa kai tsaye wajen mai kallo ba a juya masa kyamara, saboda haka jirwaye a kwance a bayansa ƙarya ne. Idan aka haɗa `panning shot` da `front view`, manhaja ba za ta ƙi ba, za ta zana shi, amma hoton zai saɓa wa kansa.

Dubawa da gyara

Hoton da muka zaɓa mun faɗaɗa shi a allo mun bi shi sashe-sashe, domin abin da bai fito a waya ba zai fito a ƙafa goma. Mun duba ko jirwayen baya sun bi layin gudun, ba su karkace ba. Mun duba hannu da ƙafa sun yi saɓani. Mun ƙirga ƙafafu, kuma ba wasa ba ne: shafewa ita ce mafakar kuskuren manhaja, a cikinta takan ɓoye takalmi na uku ko ƙwauri da ya narke ya shiga ƙwallo. A namu akwai wani abu kamar rabin takalmi a cikin ƙura bayan ƙafar baya. Yaron ya zagaye wurin kaɗai ya sa manhajar ta sake cike shi da ƙura, bai taɓa sauran hoton ba.

Aibi na biyu shi ne wani ɓangare na katanga, can sama ta dama, ya fito tar alhali duk abin da ke kewaye da shi ya ja. Wannan ba sai an koma ga umarni ba. A Photoshop ya ware ɗan wasan a shimfiɗarsa daban, ya cike gurbinsa a shimfiɗar baya, sannan ya bi `Filter > Blur > Motion Blur` ya sa `Angle` a 0, ya riƙa ƙara `Distance` har tsawon jirwayen katangar ya yi daidai da na 'yan kallo. Cike gurbin kafin a ja bayan wajibi ne. Idan aka bar ɗan wasan a shimfiɗar baya aka ja, koren jesinsa zai malalo gaba da baya ya yi masa wata inuwa a kewaye, kuma wannan ita ce alamar da ake fara gane aikin gaggawa da ita. Lambar jesi da tambarin gasar ma da hannu aka sa su daga baya, a ƙirji da gefen wando inda hoton yake tar.

Wani ɗan kwamiti ya nemi a sa wa ɗan wasan fuskar Ahmed Musa, tunda ya buga wa Kano Pillars kuma kowa na tuna ƙwallaye biyun da ya zura wa Iceland a 2018. Na ba da shawarar kada a yi. Fostar gasa talla ce, kuma sa fuskar mutum a talla ba da izininsa ba yana nuna kamar ya amince da gasar ko zai halarta. An bar fuskar da ba ta kowa ba.

A ƙarshe hotuna biyun duk sun yi amfani, kowanne a inda ya dace da shi. Babbar fosta a kwance take, kuma daga nesa ake kallonta, yawanci daga kan babur ko cikin Keke, don haka mai jirwaye aka buga: faɗin ƙafa goma ya ba layukan wurin miƙewa, kuma mutum ɗaya tar a tsakiyar shafewa yana kama ido nan take. Na waya kuwa a tsaye yake, siriri, ba faɗin da jirwaye za su ja, kuma matse hoto da manhajojin saƙo ke yi yana mayar da shafewa mai laushi ta zama dabbare-dabbare. A nan aka yi amfani da wanda aka tsayar da motsinsa, aka yanke shi daga kai zuwa inuwa, aka bar tazarar da ke tsakanin takalmi da ƙasa ta fito sosai a ƙasan hoton, rubutun kuma ya hau sama.